Layi na Huɗu a Fom ɗin Hutu

Ba ciki ba ne. Bari in fara da wannan, tunda har yau akwai matan da in mun haɗu a kasuwar Kafanchan sai sun dubi cikina kafin su dubi fuskata. Ban yi ciki ba, ban zubar ba, manajanmu kuma ko yatsana bai taɓa riƙewa ba. Hutun mako biyun da na ɗauka a tsakiyar kakar citta, wanda aka yi wata da watanni ana taunawa, hutun rashin lafiya ne. Ciwon a kaina yake. Mutum uku ne kawai suka sani a garin a lokacin: yayata, likita, da manaja. Yadda na ukun ya sani shi ne labarin.

Ina buga tafireta a wani kamfanin sayen citta da hatsi, can bayan tashar jirgin ƙasa. Na gama sakandare, na yi wata tara ina koyon bugu, na samu aikin, kuma ina son shi. Hannuna da sauri, bakina ya fi shi sauri. In mutum ya tsaya yana jan gaisuwa a kan teburina sai in ce masa, "Lafiya lau, kowa lafiya, kawo takardar." Sun saba da ni haka.

Sai wani abu ya sauko mini a hankali, kamar ana ɗora mini buhu a ka ana ƙara wani. Barci ya gudu. Abinci ya koma kamar ƙasa a bakina. Ni da nake buga shafi guda ba kuskure, sai na koma ɓata takarda uku a kan wasiƙa ɗaya. Nakan zagaya bayan sito in yi kuka ba wanda ya mutu, in wanke fuska a famfo, in dawo. Sau uku na sha maganin zazzaɓin cizon sauro. An gwada jinina an ce ba taifot. Yayata, wadda nake zaune a wurinta, malamar firamare ce mai haƙuri, ita ta ja ni muka koma wurin likita a asibitin gari. Wannan karon bai aika ni gwajin jini ba. Ya ajiye biro, ya tambaye ni ƙarfe nawa nake farkawa, me nake tunani in na farka, ko na taɓa jin cewa gara babu ni. Na faɗa masa gaskiya. Ya rubuta takarda ya tura mu Kaduna, asibitin nan da mutanenmu ba su da sunan da suke kiransa sai gidan mahaukata.

Na ce wa ofis zan raka yayata unguwa, muka kama motar farko. Ina shiga ƙofar asibitin ina jiran in ga masu sarƙa. Abin da na gani layi ne na mutane a kan benci, kowa da katinsa, wani da jakar ofis, wata da goyo. Likitan can ya saurare ni kusan awa guda, sannan ya ce ciwon damuwa ne, ciwo ne kamar kowane ciwo, yana da magani, kuma ba ni ce ta farko ba ko a wannan safiyar.

Kar in yi ƙarya in ce na warke a kan kujerar. Nauyin yana nan. Amma da muka fito titi na kama hannun yayata na ce, "Yaya, yana da suna! Kin ji? Ashe yana da suna!" Na yi wata biyar ina zaton lalaci ne, ko wani ya yi mini asiri, ko addu'ata ce ba ta wuce rufin ɗaki. Ashe abin da ake ba wa ƙwaya ne. A tasha na sayi gasasshiyar masara, ban iya cinyewa ba, amma dai ni na ce a saya, karo na farko cikin watanni.

Sharuɗɗan likita ba su da yawa. Ƙwaya kullum kafin kwanciya. Makonnin farko za ta busar mini da baki, ta sa ni gyangyaɗi da jiri, kuma ba zan ji amfaninta ba sai an yi mako biyu zuwa huɗu. Ko na ji sauƙi kada in daina sai shi ya ce, abin zai ɗauki wata shida ko fiye. In huta daga aiki mako biyu, in dawo ya gan ni, daga nan sai wata-wata. Ya ba ni takardar hutu. Ina dubawa na ga hatimin asibitin a ƙasa, babba, shuɗi, da sunan wurin zagaye da shi. Na ce wa nas ɗin da ta miƙo mini, "Wannan in ta shiga ofishinmu, gara a ba ni ƙararrawa in zagaya kasuwa."

Ta yi dariya. Dattijuwa ce, ta ga irina da yawa. Ta ce in kai amsar da likita ya rubuta wurin wanda ya turo ni, shi ma likitana ne, yana iya ba ni takardar hutu a kan takardar asibitin gari. Ta ce takardar hutu aikinta ta faɗi cewa likita ya gan ni, ba zan iya aiki ba kwana kaza. Sannan ta ce, "Ciwon naki ne, sirrin ma naki ne. Ke za ki zaɓi wanda za ki ba, ke za ki auna masa." Na riƙe wannan magana.

Haka aka yi. Likitan gari ya karanta amsar, ya rubuta mini kwana goma sha huɗu, ba sunan ciwo. Da a ce hutun kaɗai ne, da na miƙa takarda na yi gaba. Amma akwai zuwa Kaduna duk wata, ranar aiki, tafiyar da ke cin yini guda. Ba na yi wa manaja ƙaryar biki ko rasuwa sau shida a jere, dangina ba su kai haka yawa ba. Kuma akwai fom.

Fom ɗin hutun kamfaninmu layi shida ne, layi na huɗu yana cewa a rubuta irin ciwon. Ni nake buga shi, kwafi uku da takardar kabon: ɗaya ga mai hutu, ɗaya a aika babban ofis a Kaduna, ɗaya a fayil. Makullin kabad ɗin fayil yana hannun Maman sito, matar da ta fi kowa daɗewa a kamfanin, mai kirki har ya yi yawa, wadda ba ta taɓa jin labari ya kwana a cikinta ba. Ko ba fayil, na san abin da kabon ke yi. Ka ɗaga sabon kabon a hasken taga, duk abin da aka buga yana nan a jiki. Ta haka ni kaina na san ciwon kusan kowa.

Abin da ya fi fom ban tsoro shi ne safiya. Manajanmu tsohon hedimasta ne, dattijon ikilisiya, mutumin da bai yarda a fara aiki ba addu'a ba. Ƙarfe bakwai da rabi zai hau kan babban sikelin auna buhu, mu kewaye shi, ya yi sanarwa. In wani ba shi da lafiya zai faɗi sunansa, ya faɗi ciwonsa dalla-dalla don a san abin da za a roƙa. Kirista su sunkuyar da kai, Musulmi su ɗaga hannu, kowa ya ce amin. Da maigadi ya yi fama da basir, mako guda muna ambaton wurin zamansa a gaban Ubangiji. Da yamma kuma Maman sito ta jagoranci tawaga zuwa gidan mara lafiya da burodi da lemo. Ba mugunta a ciki ko kaɗan, kuma shi ya sa ba yadda za ka hana. Amma na san garinmu. Basir yana warkewa a manta. Wanda aka ce ya je asibitin nan, ko ya zama gwamna, sunansa mahaukacin nan. Ba za a ƙara ba ni wasiƙar babban ofis in buga ba. In na ɗaga murya a ce ya motsa, in na yi shiru a ce ya motsa. Ni kuwa kullum muryata a sama take.

Na zauna na tsara abin kamar mai shirin yaƙi, kuma in faɗi gaskiya, shirin ya ba ni wani ƙarfi da na manta ina da shi. Ofishin manaja ba wurin magana ba ne, bangon katako ne bai kai rufi ba, in ya yi atishawa Maman sito ce ke ce masa sannu. Gidansa akwai matarsa da yara. Coci kuwa ba a ma magana. Sai na tuna duk Laraba yakan tuƙa motar a-kori-kura da kansa zuwa Kagoma ya duba cittar da manoma suka shanya. Ranar Laraba na ɗauki littafin rubutu na tsaya a jikin motar.

"Sa, zan bi ka. Sunayen manoman da ake kawo mini duk a karkace suke, gara in rubuta da kaina."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Yau kuma? To shiga, 'yata."

Na bari muka fita gari, muka wuce masu sayar da doya a bakin hanya. Na shirya jawabi mai kyau, da gabatarwa da komai. Da na buɗe baki sai na ji na ce, "Sa, ba ni da lafiya, kuma ba na son a yi mini addu'a a kan sikeli."

Ya taka birki har littafin ya faɗi ƙasa. Ya gangara gefen hanya ƙarƙashin wani mangwaro ya kashe mota.

"Wane irin ciwo ne ba ya son addu'a?"

"Yana so, Sa. Lasifika ce ba ya so."

Na miƙa masa takardar asibitin gari. Ya karanta, ya juya bayanta, ya sake juyowa. "Ba su rubuta ciwon ba."

"Ba dole ba ne su rubuta. Zan faɗa maka da bakina, kai kaɗai, don ina bukatar taimakonka. Amma ajiya ce zan ba ka. In ba za ka iya riƙewa ba, ka faɗa mini yanzu mu tafi mu duba citta."

Ban taɓa yi wa babba magana haka ba, ko da yake yayata za ta ce na sha yi. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga. Ya ce, "Ina ji."

Na auna masa, yadda nas ta ce. Ban faɗa masa kukan bayan sito ba, ban faɗa masa tunanin da ke zuwa mini da asuba ba, wannan na likita ne. Na ce ciwon damuwa ne, likitan ƙwaƙwalwa a Kaduna ya gan ni, ya ba ni magani, maganin zai sa ni barci da jiri a farko, shi ya sa hutun. Na ce bayan haka zan iya aikina kamar da, sai dai rana ɗaya a wata.

"Kaduna," ya ce a hankali. "Wancan asibitin?"

"Wancan."

Na ga yadda idonsa ya sauka kan hannuwana, ya koma kan ƙofar mota. Na ce, "Sa, ba zan cije ka ba. Ni ce dai wadda ta buga maka wasiƙa jiya."

Kunya ta kama shi har ya yi tari. "A'a, a'a, ba haka ba ne. Wasiƙar jiya ma kuskure biyu ne a ciki."

"Shi ya sa nake neman hutu."

Sai ya yi dariya, ni ma na yi, wata irin dariya mai haɗe da hawaye. Daga nan ya shiga tambayoyi irin na hedimasta. Aikin ne ya yi mini yawa? Wani ya ɓata mini rai a ofis? Shi ne? Na ce ba kowa. Ya ce ko a kira Fasto, shi kaɗai, a ɓoye. Na ce Fasto yana da mata, matar tana da zumuntar matan coci.

Na lissafa masa abin da nake so a kan yatsu. Hutun da likita ya rubuta. Rana ɗaya duk wata, a cire daga hutuna na shekara in ya ga dama, ban damu ba. Layi na huɗu a bar shi, a rubuta "duba takardar likita" kawai. Sannan ba sanarwar ciwo, ba tawaga.

"Babban ofis za su tambaya."

"In sun tambaya, takardar likita tana manne. Su ba likitoci ba ne."

"Sanarwa fa? Ni ba zan hau sikeli in yi ƙarya ba, 'yata. Ba zan ce zazzaɓi ba alhali ba zazzaɓi ba ne."

"Ban ce ka yi ƙarya ba, Sa. Na ce ka yi gajeren wa'azi."

Ya girgiza kai ya tayar da mota. Mun kusa Kagoma ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Wani ƙanen mahaifiyata ya yi irin wannan. Ba mu san akwai ƙwaya ba. A ɗaki aka rufe shi." Bai ƙara ba, ban tambaya ba. A Kagoma na rubuta sunayen manoma har shafi huɗu, ƙamshin citta yana shiga hancina, ina jin kamar in yi tsalle a kan buhunan. Na faɗa, ƙasa ba ta tsage ba, kuma har yanzu ina da aiki!

Da muka dawo na buga fom ɗina da kaina, da tsohon kabon da aka buga abu ɗari a kansa, ba mai iya karanta komai. Washegari na tsaya a bayan kowa a wurin sikeli. Manaja ya yi sanarwar motar da za ta zo ɗaukar kaya. Sannan ya gyara murya.

"'Yarmu mai tafireta za ta tafi hutun mako biyu bisa umarnin likita. Na ga takarda, na sa hannu. Likita yana so ta huta, saboda haka ba zuwa gaisuwa. Mu yi addu'a."

"Oga, wane ciwo ne?" in ji Maman sito. "Mu san abin da za mu roƙa mana."

"Ubangiji ya sani, Mama. Shi ba ya bukatar fom."

Wata murya ta ce, "To ni da nawa basir fa?" Maigadi ke nan daga baya. Kowa ya fashe da dariya, aka yi addu'a, aka watse. Na fita ƙofar kamfanin kamar wadda ta ci jarrabawa. Na hau acaɓa ina ce wa mai babur ya ƙara wuta.

Abin da ban lissafa ba shi ne, a wurinmu ciwon da ba a faɗi sunansa ba guda ɗaya ne in mai shi budurwa ce. Kuma kowa ya ga na shiga motar manaja ranar Laraba, mu biyu, washegari ga hutu, ga manaja yana hana tambaya. Ni da nake ganin na fi kowa wayo, ni na haɗa musu labarin da hannuna.

Kwana huɗu da fara hutu sai ga Maman sito a gidanmu, ita kaɗai, wai ba tawaga ba ce, hanya ce ta biyo da ita. Ta same ni yadda likita ya faɗa: ina gyangyaɗi da rana tsaka, bakina a bushe, in na miƙe jiri ya ɗebe ni. Ƙwayoyin suna cikin gwangwanin shayi a bayan akwati. Ta zauna a bakin gado ta buɗe leda. Ba burodi, ba lemon zaƙi. Tsamiya ce da lemon tsami da ɗanyen mangwaro.

"Ci, yarinya na. Yana taimako a watannin farko."

"Watannin farkon me, Mama?"

"Ni ma na haifi shida fa. Ba sai kin faɗa ba."

Yayata tana bakin ƙofa, ta toshe baki da gyale ta fita da gudu. Ni kuwa na dubi tsamiyar nan, na auna abu biyu. In na ce ba ciki ba ne, tambaya ta gaba ita ce to mene ne. Sai na ce, "Mama, ba abin da kike zato ba ne. Na gode da tsamiya." Ta yi murmushin wadda aka tabbatar mata. Bayan ta tafi muka yi dariya ni da yaya har cikina ya ƙulle. Na ce su yi ta jira, wata tara ba shekara ba ce.

A mako na uku abin ya fara ɗagawa. Ba rana ɗaya ba, kaɗan-kaɗan. Wata safiya na farka na ga gari ya waye, ban san lokacin da na yi barci ba. Na ji ƙamshin ƙosai daga maƙwabta, yawuna ya tsinke. Na ci tuwo na nemi ƙari, yaya ta tsaya tana kallona da ludayi a hannu. Na koma Kaduna, likita ya ce muna kan hanya, in ci gaba da sha. Na koma aiki na buga shafi shida kafin ƙarfe goma, ba kuskure ko ɗaya, na kai wa manaja na dire a gabansa. Ya ƙirga, ya ce, "Barka da dawowa." Na ji kamar an ba ni kujerar Makka, ni da ba Musulma ba.

Sai dai maganin yana buɗe ciki. Na yi ƙiba, kumatuna suka fito. Kowace safiya idon matan da ke tsince citta yana kan ɗaurin zanena. Da aka ga wata biyu ciki bai fito ba, labarin ya juya: ashe hutun na zubarwa ne, kuma zuwa Kaduna duk wata na gyara ne. Ni duk bai dame ni ba. Ina barci, ina ci, ina aiki, sirrina yana inda na ajiye shi. Na ɗauka na ci riba.

Yayata ce ta dawo daga koyon waƙar zumuntar mata wata Alhamis ba ta cire takalmi ba ta ce, "Ke kina dariya, mutumin nan yana shan wuta." Cocinmu ba ɗaya da nasa ba, amma labari ba ya tambayar ɗarika. Ashe dattawan ikilisiyarsu sun kira shi sun tambaye shi abin da ke tsakaninsa da yarinyar ofis. Ya ce ba komai. Suka ce to me ya kai ta hutu, me yake ɓoyewa. Ya ce wannan ba nasa ba ne da zai faɗa. Suka ce ya dakata da karanta sanarwa a coci har a gama bincike. Sai a lokacin na lura da abin da ke gabana kullum: kular abincin da matarsa ke aiko masa ƙarfe ɗaya ta daina zuwa. Mako uku yana aika a sayo masa shinkafa a bakin tasha.

Washegari ban jira Laraba ba. Na same shi a filin shanya yana duba citta, wani inji yana ƙara a kusa, ba mai jin mu.

"Sa, me ya sa ba ka faɗa musu ba? Kalma ɗaya ce!"

"Kalmar wa?"

"An dakatar da kai fa!"

"An dakatar da ni daga karanta sanarwa. Ke ma ai kin dakatar da ni, ban mutu ba." Ya ɗebi citta ya shinshina ya mayar. "Kin ce ajiya ce. Na ce ina ji. In na buɗe don ta yi mini nauyi, to da ma ba ajiya na karɓa ba."

"Madam fa?"

Ya ce, "Madam ta san ni shekara ashirin da wani abu. Za ta huce." Amma bai dube ni ba da ya faɗa.

Na koma kan tafireta raina yana tafasa, rabi haushi rabi wani abu da ban san sunansa ba. Na yi tunanin in hau sikeli gobe in faɗa wa kowa a huta. Na kai hannu har na fara tsara maganar, sai na tsaya. Maman sito ba ta bukatar sani. Masu tsince citta ba su bukata. Dattawan can ma ba su bukata, ba su ne ke dafa masa abinci ba. Mutum ɗaya ce ake cuta da shiruna, kuma in ita ta tsaya a bayan mijinta, bakin dattawa zai mutu da kansa. Nas ta ce ni zan zaɓa, ni zan auna. Ba ta ce mutum ɗaya kawai ba.

Kafin a tashi manaja ya leƙo ya ce fom ɗin hutu sun kusa ƙarewa, in buga sabo a gurza kwafinsa a inji. Na ce zan buga, amma layi biyar, in babban ofis sun yi magana ya ce takardar likita ta isa. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce in kawo ya gani tukuna. Wannan aikin ranar Litinin ne.

Na Asabar kuwa na riga na yanke. Da hantsi, lokacin da yake gona kuma yaran suna wurin koyon waƙa, zan je gidansa. Zan ciro katina na Kaduna daga bayan akwati, wanda ke da babban hatimin nan shuɗi, in sa a jaka. Zan gaishe da Madam gaisuwa cikakkiya, har da tambayar yara ɗaya bayan ɗaya, ko da doguwar gaisuwar za ta kashe ni. Sannan in ce mata ta rufe ƙofa, ina da ajiya, in tambaye ta ko za ta iya riƙewa kafin in buɗe jakar.